Sanarwar Bayan Taro Kan Yarjejeniya Tsakanin Ɗalibi Mai Neman Ƙwarewa da Malamin da Ke Duba Aikinsa

Mu 'yan ƙungiyar malaman da ke horar da ɗaliban ilimin halayyar ɗan Adam a asibitoci mun yi zaman kwana biyu tare da wakilan ɗalibanmu na digiri na biyu, da wasu likitocin ƙwaƙwalwa da ma'aikatan jinya da muka gayyata. Abu ɗaya ne ya tara mu: takardar da ya kamata ɗalibi da malamin da ke duba aikinsa su sa wa hannu kafin a bar ɗalibin ya zauna shi kaɗai da marar lafiya. A yawancin wuraren da muke aiki babu wannan takarda. Abin da ake yi shi ne malami ya ce, "Idan ka ga wata matsala ka neme ni," ɗalibi kuma ya ce, "To, Malam." Taron ya ga cewa wannan magana ba ta isa ba, kuma ga abin da ya sa.

Wata malama daga cikinmu ta kawo labarin abin da ya faru a sashenta, bayan ta sauya duk abin da zai sa a gane marar lafiyar. Wata ɗaliba ce a watanta na biyu na horo take ganin wani saurayi mai fama da ciwon damuwa. Ranar Alhamis da la'asar ya cike takardar gwajin nan ta PHQ-9, mai tambayoyi tara, wadda jimillar makinta ke tashi daga 0 zuwa 27. Ya samu 13, wato damuwa matsakaiciya, sai hankalin ɗalibar ya kwanta. Amma a tambaya ta tara, wadda ke tambayar ko mutum yana tunanin gara ya mutu ko ya cutar da kansa, ya zaɓi 2, ma'ana tunanin ya zo masa a fiye da rabin kwanakin mako biyun da suka wuce. Da zai fita ya ƙara da cewa ya biya duk bashin da ake bin sa, ya kuma bai wa ƙanensa kekensa. Ɗalibar ta ji wani abu a ranta. Ta kira malamar sau ɗaya, ba a ɗauka ba, domin tana kan hanyar zuwa ta'aziyya a wani gari. Kunya ta hana ta sake kira, ta rubuta a littafinta cewa za ta tayar da maganar a zamansu na Litinin. Daren Asabar yayan saurayin ya kawo shi sashen gaggawa. Allah ya sa da sauran kwana a gaba.

Babu wanda ya ɗora wa ɗalibar laifi a zauren, kuma malamar ce ta fara cewa nauyin a wuyanta yake. Ba a taɓa gaya wa yarinyar cewa amsar tambaya ta tara tana da hukuncinta daban ko da jimillar ba ta da yawa ba. Ba a gaya mata wanda za ta nema idan malamarta ba ta ɗauki waya ba. Ba a kuma ba ta izini a fili ta dami babba da kira a lokacin hutunsa ba, alhali mun san irin tarbiyyar da muka yi wa 'ya'yanmu: ƙarami ba ya matsa wa na gaba da shi. Wannan ladabi abin so ne a gida, amma a ɗakin ganin marar lafiya yana iya cin rai idan ba a rubuta masa iyaka ba.

Saboda haka taron ya yanke cewa ɓangaren haɗari shi zai zo a shafin farko na yarjejeniyar, kuma a rubuta shi da kalmomin da ɗalibin da ke cikin ruɗewa zai iya bi. Za a ambaci abubuwan da ba a jira da su zuwa zaman mako: maganar kashe kai ko duk amsar da ta wuce sifili a tambaya ta tara, barazanar cutar da wani, alamar ana cin zarafin yaro ko wanda ba zai iya kare kansa ba, da marar lafiyar da ya fara jin muryoyi ko ya rikice farat ɗaya. Idan ɗaya daga cikinsu ya bayyana, ɗalibi zai tambaya kai tsaye ko akwai shiri, ko akwai abin aikatawa a hannu, ko an taɓa gwadawa a baya. Mun jaddada wa ɗalibai cewa yin wannan tambaya ba ya dasa tunanin a zuciyar wanda ba shi da shi. Sannan ba zai bar marar lafiyar ya tafi ko ya zauna shi kaɗai ba har sai wani ƙwararre ya san halin da ake ciki. Zai kira malaminsa. Idan minti goma sha biyar suka wuce ba a samu malamin ba, zai kira mutum na biyu, wanda sunansa da lambarsa ke rubuce a takardar tun ranar farko. Idan shi ma bai samu ba, zai raka marar lafiyar da ƙafarsa wurin likitan da ke bakin aiki ko sashen gaggawa. Aika saƙon waya a jira amsa ba ya cikin abin da za a ɗauka a matsayin sanarwa. Malami kuma zai sa hannu a kan cewa ba zai taɓa rage wa ɗalibi maki ko ya nuna masa ɓacin rai don ya kira shi kan abin da daga baya ya zama ba komai ba. An daɗe ana muhawara kan wannan jimla, wasu na ganin ba sai an rubuta ba. Wakilan ɗalibai suka ce ita ce suka fi bukata a duk takardar, kuma taron ya bi ra'ayinsu.

An tattauna abin da ke sa marasa lafiya da danginsu ɓoye irin wannan magana. Dokar Final Kod da ta fara aiki a Arewa a 1960 ta sa yunƙurin kashe kai cikin laifuffuka a sashe na 231, da hukuncin da zai iya kai ɗaurin shekara ɗaya, ga kuma tsoron abin da unguwa za ta ce. Don haka dole ɗalibi ya bayyana iyakar sirri tun zama na farko, da harshen da mutum ke ji: abin da aka faɗa amana ne, amma malaminsa zai sani, kuma idan rai na cikin haɗari za a sanar da wanda zai iya taimakawa. Sai dai shawarar wane ɗan'uwa za a kira, da abin da za a gaya masa, ta malami ce. A gidajenmu mai gida ko uba shi ake fara tunawa, amma wani lokacin shi ne tushen matsalar, kuma kiransa zai ƙara jefa mace ko yaro cikin haɗari. Ɗalibin wata biyu bai kamata ya ɗauki wannan hukunci shi kaɗai ba.

Game da iyakar aiki kuwa, ba a ja magana ba. Takardar za ta faɗi irin marasa lafiyar da ɗalibi zai gani, da adadinsu a mako, da gwaje-gwajen da aka ga ya iya yi da idon malami. Zai gabatar da kansa a matsayin ɗalibi, ko da marasa lafiya sun dage da kiransa likita. Ba ya taɓa maganar ƙara ko rage magani. Ba ya ba da rahoto ga kotu, makaranta ko wurin aiki sai da sa hannun malami. Ba ya ganin kowa a gida ko ta wayarsa bayan an tashi, ko da maƙwabci ne ya roƙe shi. Shi kuma malami ya ɗauki alkawarin zaman awa ɗaya a kowane mako, ido da ido, a ranar da aka tsayar, kuma idan zai yi tafiya ya faɗi wanda ya bar wa ɗalibin.

Naɗar murya ce ta fi ɗaukar lokaci bayan maganar haɗari. Mun yarda cewa malami ba zai san yadda ɗalibi ke aiki ba idan abin da ɗalibin ya ba shi labari kawai yake ji, domin mutum ba ya iya ba da labarin abin da bai lura da shi ba. A faifan murya ne ake jin inda marar lafiya ya buɗe wata ƙofa ɗalibi ya wuce ta da sauri. Amma da aka tambayi zauren inda ake ajiye irin waɗannan muryoyi, da yawa suka amsa cewa a wayar ɗalibi suke, wasu ma ta WhatsApp ake tura wa malami. Wayar nan ƙanne na wasa da ita, ana kai ta wurin mai gyara a kasuwa, ana sace ta a mota. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ke bukatar kariya ta musamman, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ma ta wajabta riƙe sirrin marar lafiya. Ko babu doka, muryar matar da ke faɗin abin da ke tsakaninta da mijinta ba abin yawo da shi a aljihu ba ne.

Taron ya amince cewa ba za a naɗi kowa ba sai da izininsa a rubuce, a takarda daban da ta amincewa da magani. Wanda ba ya karatun boko a karanta masa da Hausa ko harshen da yake ji, ya dangwala yatsa a gaban shaida. A gaya masa wanda zai saurara, da ranar da za a goge, da cewa idan ya ƙi ba abin da zai ragu a kulawar da ake ba shi, kuma yana iya cewa a tsayar a tsakiyar zama. Na'urar sashe za a yi amfani da ita, a kulle ta a ofis, a sa lamba maimakon suna, a goge bayan an saurara a zaman duba aiki, kada ya wuce mako biyu.

Rubutu kuma iri biyu ne, kada a haɗa su. Fayil ɗin marar lafiya na asibiti ne, a nan ake rubuta abin da aka gani da abin da aka yi, malami ya sa hannu a ƙarƙashin na ɗalibi. Idan maganar haɗari ce, a rubuta ta a ranar, da kalmomin marar lafiya yadda ya faɗe su, da wanda aka kira da ƙarfe nawa, da abin da ya ce a yi. Littafin zaman duba aiki kuwa na ɗalibi da malami ne, babu sunan marar lafiya a ciki, kuma duk su biyun za su sa hannu a ƙarshen kowane zama. Shi ne zai raba gardama ranar da aka ce an faɗa, wani ya ce bai ji ba.

An bar magana ɗaya a buɗe. Malamin da ke koyar da ɗalibi shi ne kuma ke ba shi makin da zai fita da shi, wannan kuwa na sa ɗalibai ɓoye kurakuransu. Mun sa a takardar cewa a ambaci mutum na uku a jami'a wanda ɗalibi zai kai wa kuka idan malami ya daina zuwa zama ko ya wuce gona da iri, amma ba mu cimma matsaya kan raba aikin koyarwa da na ba da maki ba, domin a wasu asibitocin ƙwararre ɗaya ne tak.

An kafa kwamitin mutum biyar, biyu daga cikinsu ɗalibai, ya fitar da samfurin yarjejeniyar da Hausa da Ingilishi, kada ya wuce shafi uku, ya kuma duba dacewarsa da Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa da aka sa wa hannu a Janairun 2023. Kafin ya kammala, kowane malami a cikinmu zai bai wa ɗalibansa suna da lambar mutum na biyu a rubuce cikin wannan makon.

Sa hannu: Shugaba da Sakatare, a madadin mahalarta taron.