Saniya ta jawo haɗari a titi: mai ita ne zai biya ko direba?

A ce direba ya taso daga Zariya zuwa Kano da daddare, sai ga saniya a tsakiyar titi. Ya buge ta, gaban mota ya lalace, fasinja ya karye. A mafi yawan garuruwanmu, kafin gari ya waye an tsare direban sai ya biya kuɗin saniya. Ba a cika tambayar yadda aka yi ta hau titin ba, alhali idan aka je kotu wannan tambayar ce kan gaba.

Dokar diyya da Najeriya ta gada daga Ingila ba ta kama mutum don kawai dabbar tasa ce. Akwai wata shari'a ta 1947, Searle da Wallbank, inda doki ya fito ta ɓarakar shinge ya yi karo da mai keke, kotun ƙolin Birtaniya ta wancan lokaci ta ce ba wajibi ba ne mai fili ya killace dabbarsa don kare masu bin hanya. Sai a 1971 Ingila ta soke wannan ƙa'ida da sabuwar doka, wadda ba ta aiki a nan. Lauyan mai saniya zai iya jawo tsohon hukuncin, kodayake bai ɗaure alƙalin Najeriya ba.

Don haka direban namu sai ya tabbatar da sakaci. Dabbar da ta tsinke igiya ta fice daban take da garken da makiyayi ya koro da kansa kan babban titi cikin duhu, babu fitila, babu mai tsayar da motoci. Na biyun ya fi sauƙin kamawa. Fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'ar Musulunci ke bi, shi ma yana ɗora lamuni kan mai kora, mai ja ko mahayin dabba a kan abin da ta taka. In kuma direban gudu yake yi fiye da ƙa'ida, kotu za ta rage masa diyya gwargwadon nasa laifin.

Kare kuwa, idan cizo ne, ana duba ko mai shi ya san ya taɓa kai wa mutum hari. In ya sani, to ya biya ko da ya yi iyakar ƙoƙarinsa.

Inda ƙarar ta fi mutuwa, a ganina, shi ne gano mai dabbar. Saniyar da ta mutu ba ta rasa mai ita, amma wadda ta jawo asarar rai ta tsere, ba wanda zai ce tasa ce. Hoton dabbar da shaidar da ke jikinta, sunayen waɗanda suka gani, da rahoton 'yan sanda ko jami'an kiyaye haɗurra, su ne abin riƙon direba. Inshorar “third party” da yawancin direbobi ke yanka ba za ta gyara masa motarsa ba.