Sharhi: Takardar Hedimasta Ga Iyaye Kan Sabon Awon Ƙwazon Yara

Duk makarantar da ta yi niyyar barin dogaro da jarrabawar hadda ta ƙarshen zango, ta koma ga auna ƙwazon yaro a kai a kai, tilas ne hedimasta ya rubuta wa iyaye takarda. Galibi takan zo da gaisuwa, da bayanin cewa ana bin umurnin Ma'aikatar Ilmi, da roƙon haɗin kai. Amma abin da uba yake son sani shi ne yadda za a lissafa makin da zai ɗaga ɗansa zuwa aji na gaba ko ya maimaita.

Shi dai wannan tsari ba baƙo ba ne a Nijeriya. Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977, wadda aka yi wa gyara a 1981, ita ce ta tanade shi tare da tsarin 6-3-3-4. Sa'ad da Hukumar Shirya Jarrabawa ta Afirka ta Yamma ta soma jarrabawar kammala babbar sakandare a 1988, an keɓe kashi 30 cikin 100 ga makin da makaranta ta tara, saura 70 ga jarrabawar hukumar. A cikin gida kuwa, makarantu da yawa sukan raba maki 40 da 60.

Bari mu ɗauki rabon 40 da 60 mu gani. A ce takardar ta bayyana cewa akwai gwaji biyu, da aikin gida, da aikin hannu, kowane maki 10, kuma makin ci 50 ne. Yarinya mai zuwa kullum ta tara 32 cikin 40, sai zazzaɓi ya kama ta makon jarrabawa, ta sami 24 kacal cikin 60. Jimlarta 56, ta haye. A tsohon tsari, wannan 24 daidai yake da 40 cikin 100, watau ta faɗi. Ga kuma yaro da aka tsare a gona lokacin girbi, gwaji biyu suka wuce shi, ya tashi da 10 cikin 40. Ya haddace littafinsa ya sami 36 cikin 60, abin da a da zai zama 60 cikin 100. Yanzu jimlarsa 46, ya faɗi.

Ashe ke nan sabon tsari ya mai da fashin makaranta asarar maki kai tsaye, kuma 'ya'yan manoma da masu talla su ne abin zai fi shafa. Saboda haka takardar da ba ta faɗi makon kowane gwaji ba, ba ta kuma faɗi ko wanda ya yi fashi da uzuri zai rama ba, ta ɓoye wa iyaye abin da ya fi damunsu.

Matsala ta biyu tana wajen malami. Ajin da ke da yara 100, ayyuka huɗu a zango, zango uku a shekara, ya zama ayyuka 1,200 da za a duba a darasi guda, ban da jarrabawa. Inda aiki ya fi ƙarfin malami, akan sami mai cika rajista da maki na ka daren da za a rufe sakamako. Alamar haka ba ta da wuyar ganewa: kusan duk aji na da 35 zuwa 38 cikin 40, alhali a jarrabawa wasu na da 50 wasu 12, kuma babu yaron da aka mayar wa takardar gwajinsa da jan biro a jiki. Bugu da ƙari, in tambayoyin gwajin duk na "kawo sunaye biyar" ne, to haddar tana nan, an dai yanka ta gida huɗu. Gwajin ba shi da amfani sai malami ya ga inda yara suka kasa, ya koma ya sake koyar da wurin tun zango bai ƙare ba.

Don haka muna ganin wajibi ne takardar hedimasta ta ɗauki alkawari uku a rubuce: za a mayar wa yaro kowane aiki da makinsa cikin mako biyu, uba na da ikon ganin rajistar makin ɗansa, kuma in yaro ya sauya makaranta, makinsa zai bi shi. Su kuma sufetocin ilmi, in sun je rangadi, su ɗauki littattafan yara goma su gwada da abin da ke rajista. Tsarin ya ɗauke ikon hukunci daga zauren jarrabawa ya damƙa wani kaso nasa ga malamin aji, kuma iyaye suna da haƙƙin ganin yadda ake amfani da wannan iko.