Wasiƙar Mai Koyar da Ƙwallo

Da zarar ruwa ya ɗauke aka shiga kaka, filayen makarantu sukan cika da yara masu buga ƙwallo. A wannan lokaci ne mai koyar da wasa, wanda yara suke kira koci, yakan aiko wa iyaye wasiƙa. Sau da yawa takan kwana a aljihun wando har a wanke ta, ko kuwa maigida ya duba wurin kuɗi kaɗai ya ajiye. To, bari mu ɗauki misalin irin wannan wasiƙa, ta ƙungiyar yara 20 'yan ƙasa da shekara 13, mu karanta ta tare.

Bayan gaisuwa, ga abin da irinta takan fara da shi: "Ya ku iyayenmu, kakar wasa za ta fara daga watan Oktoba zuwa ƙarshen Fabrairu. Za mu riƙa yin horo ran Talata da Alhamis, daga ƙarfe 4:30 na yamma zuwa 5:45. Karawa da wasu ƙungiyoyi kuwa sai ran Asabar da ƙarfe 8 na safe. Ba wasa ran Lahadi."

Waɗannan lokatai ba da ka aka sa su ba. Kafin ƙarfe huɗu da rabi rana tana da sauran zafi, yaro kuma bai daɗe da cin abinci ba. A watan Nuwamba da Disamba kuwa rana takan faɗi wajen ƙarfe shida, duhu kuma ba ya jira. Idan an tashi shida saura kwata, mai nisan gida zai isa da sauran haske. Saboda haka in ɗanka ya dawo ƙarfe bakwai ya ce daga horo yake, akwai sa'a guda da ba ka san inda ta tafi ba, sai ka bincika. An tsaya a Fabrairu ne domin a kauce wa zafin bazara na Maris da Afrilu. Ni a ganina kwana biyu a mako sun isa ga yaro mai wannan shekaru. Kocin da yake neman yara kullum, har da makon jarrabawa, ya manta 'yan makaranta ne aka ba shi.

Sai batun kuɗi, inda yawancin rigima take. Wasiƙa mai kyau ba ta cewa "kowane yaro ya kawo kaza" ta yi shiru. Takan nuna lissafi. Ga misali, kowa kuma ya gyara farashin bisa ga kasuwar garinsu. A ce za a sayi ƙwallo 4, kowace naira 15,000, wato 60,000 ke nan. Wasa 4 za a yi a waje, hayar mota kowace tafiya 25,000, ya zama 100,000. Wasa 4 a gida, ladan alƙalin wasa 5,000 kowanne, 20,000. Ruwan sha da akwatin magani, wato bandeji da auduga da aidin, wata 20,000. Jimla naira 200,000. An raba wa yara 20, kowa 10,000, watau 2,000 a wata har wata biyar.

Yanzu ku duba abin da yakan faru. A kowace ƙungiya ba a rasa gidajen da ba za su iya biya ba. A ce gida huɗu ne. Giɓin ya zama 40,000, amma ba za a gan shi a Oktoba ba, gama ƙwallo an saya, wasa yana tafiya. Sai a ƙarshen Janairu za a tarar kuɗin mota ya ƙare, ga sauran tafiya biyu. Daga nan ko a fasa zuwa, a ba abokan karawa nasara a banza, ko kuwa a ɗora yara uku-uku a kan babur, wanda ya fi muni. Gara a faɗi gaskiya tun farko. In gidaje 16 ne za su ɗauki nauyin, kowa zai ba da 12,500, wato ƙarin 500 kawai a wata. Wannan magana ce ta manya a taron iyaye. Ba daidai ba ne a kira sunan yaro a fili gaban 'yan'uwansa a ce ubansa bai biya ba.

Kuɗin kuma kada ya zauna a hannun koci. Iyaye su zaɓi ma'aji daga cikinsu, mai littafi da rasit. Wannan ba zargi ba ne, kāre sunan kocin ne.

Kayan da kowane gida zai saya wa ɗansa ba su da yawa. Kambas mai kyau ya isa a busasshen filinmu na rani, har ya fi takalmi mai ƙusoshi daɗi a ƙasa mai tauri. Kada a sayi babba domin wai ya girma a ciki, zai yi masa kanta ya kuma sa shi tuntuɓe. Abin da ba a wasa da shi shi ne makarin ƙwauri da doguwar safa mai rufe shi, gama dokar wasa ta wajabta shi. Dokar nan kuma ta hana sa zobe ko sarƙa. In an aike ka sayen ƙwallo, ka nemi lamba 4, ita ce ta ƙananan yara. Lamba 5 ta manya ce, nauyinta giram 410 zuwa 450.

Can ƙasan wasiƙar koci yakan roƙi a gaya masa in yaro yana da asma ko sikila. Kada a ɓoye don tsoron za a cire shi. Ƙurar hunturu tana tayar da asma, ƙishirwa da gajiya da sanyi kuma suna tayar da ciwon sikila, sai koci ya sani tukuna zai iya lura. Haka kuma yaron da ya bugu a kai har ya ji jiri, ko ya yi amai, ko ya rikice, ba ya komawa fili ran nan, ko da shi ne gwanin ƙungiya. Asibiti za a kai shi.

Yakan kuma nemi takardar haihuwa. A kai ta gaskiya. Nijeriya ta ci kofin duniya na samari sau biyar, tun daga na 1985 a ƙasar Sin har zuwa na 2015, wannan kuwa ya sa waɗansu iyaye suna rage wa 'ya'yansu shekaru da begen za a ɗauke su. Amma tun gasar 2009 da aka yi a Nijeriya, hukumar FIFA take ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu da na'ura domin a ga ko ya gama haɗewa. A ƙaramin fili kuwa ɓarnar a bayyane take: ɗan shekara 16 cikin 'yan 12, ƙafar ɗan wani ce za ta karye.

Akwai abu guda da ba ya cikin wasiƙar kocin kirki, wato alkawarin kai yaro Turai. Dokar FIFA ta hana ɗaukar ɗan wasa zuwa wata ƙasa kafin ya cika shekara 18, sai bisa 'yan dalilai kaɗan, kamar idan iyayensa sun ƙaura can don wani abin da bai shafi ƙwallo ba. Duk wanda ya nemi kuɗin fasfo da biza domin yaro ɗan shekara 12, ku riƙe kuɗinku. Alkawarin da ya kamata ku nema a rubuce shi ne cewa kowane yaro mai zuwa horo zai shiga fili ran Asabar, ko da rabin wasa ne. In ba ya cikin wasiƙar, ku tambaya kafin ku sa hannu.