Babi na Biyu Ba Rajistar Sunaye Ba Ne

Akwai wata fahimta da ta yi kaka-gida tsakanin ɗaliban Jami'ar Maiduguri da masu rubuta rahoto a ofisoshin ƙungiyoyin agaji na GRA: wai bitar ayyukan da suka gabata tana cika ne idan kowane marubuci ya samu sakin layinsa. Wane ya ce kaza, wance ta ce kaza, shekara bi shekara. Masu kare wannan tsari suna cewa shi ne adalci ga magabata, kuma yana nuna an yi karatu. Ban yarda ba. Abin da yake nunawa kawai shi ne an tara takardu.

Ɗauki ɗalibin da ke binciken ko ƙafewar Tafkin Chadi ce ta hura wutar rikicin Borno. Zai kawo Coe da Foley, waɗanda a 2001 suka ɗora raguwar tafkin a kan ƙarancin ruwan sama da noman rani. Shafuka huɗu gaba sai ga Pham-Duc da abokan aikinsa, waɗanda a 2020 suka nuna da hotunan tauraron ɗan'adam cewa tafkin ba ya ci gaba da ƙafewa. Tsakaninsu an cusa mutum goma. Ɗalibin bai ko lura cewa ƙasar da ya gina bincikensa a kai ta motsa ba.

Gyaran yana farawa da jadawali. A jera ayyukan a gefe, a sama kuma a rubuta tambayoyi: shin tafkin yana raguwa har yanzu? Me ya rage shi? Ta wace hanya rashin ruwa ke kai matashi ga ɗaukar makami? Sai a karanta daga sama zuwa ƙasa, tambaya ɗaya bayan ɗaya. Kowace tambaya ta zama kanun sashe, jimlar farko kuma ta zama hukuncin ɗalibin kansa, marubutan su biyo baya a matsayin shaidu.

Da an haɗa ayyukan nan biyu wuri guda, sai a ga ashe ba ma saɓani suke yi ba. Na farko ya duba shekarun da suka haɗa da farin 1970 da 1980 da 'yan kai, lokacin da tafkin ya faɗo daga kusan murabba'in kilomita 25,000. Na biyu ya duba bayan shekarar 2000. Tambayar ɗalibin dole ta sauya: idan ruwan bai ci gaba da ja da baya ba sa'adda rikici ya ɓarke a 2009, me ya hana masuncin Baga kaiwa gare shi daga baya?

Za a ce aiki ɗaya zai fito a sashe biyu ko uku. To, ya fito mana. Wanda bai amsa ko tambaya ɗaya ba kuma a cire shi, ko da farfesa ne ya rubuta. Mai duba kundi da ke ƙirga sunaye ya gwada wannan: ya musanya sakin layi na uku da na tara. Idan babin bai karye ba, ya mayar wa ɗalibin ya sake.