Saƙo na Huɗu Ba Ya Wanke Saƙo na Farko

Akwai wata hujja da na gaji da jin ta daga bakin abokan aikina ƴan jarida, kuma da ita nake faɗa a wannan rubutu. In ka nuna wa mutum cewa gutsuren labarin da ya saka a Facebook ko WhatsApp ya ɓatar da jama'a, sai ya ce maka, "Ai na yi bayani a saƙo na huɗu, su ne ba su karanta ba." A ganina wannan hujja ce ta wanda bai san inda rubutunsa yake zuwa ba. Wanda ya yanka dogon rahoto gida bakwai ya lamba su 1/7 zuwa 7/7 yana zaton mutane za su bi su a jere kamar shafukan littafi. Alhali saƙon da ya fi tayar da hankali shi ake ɗaukar hotonsa, a tura wa dangi, wani ya karanta shi da murya ya tura wa waɗanda ba su iya karatu ba. Sauran shidan kuwa suna nan inda aka bar su.

Mu ma'aikatan rediyo mun daɗe da sanin wannan, shi ya sa abin ke ba ni mamaki. Ana tsakar hira da baƙo muke tsayawa mu ce, "Idan yanzu kuka kama tasharmu, muna tare da wane, muna magana a kan kaza." Muna yi ne domin mun san wani yanzu ya murɗo akwatinsa. To mai karanta saƙo a waya kullum yanzu ya murɗo. Me ya sa ladabin da muke yi wa mai saurare muke hana mai karatu?

Bari in ɗauki rana guda da duk wanda ke zaune tsakanin Maraɗi da Katsina, ko tsakanin Birnin Ƙonni da Illela, ba zai manta ba. Ranar 10 ga Agusta 2023 shugabannin ƙungiyar CEDEAO, wadda ƴan Najeriya da Gana ke kira ECOWAS, suka yi taronsu na gaggawa na biyu a Abuja kan juyin mulkin 26 ga Yuli a Nijar. Wa'adin mako guda da suka bayar ran 30 ga Yuli ya riga ya wuce, iyakoki a rufe, wutar da ke zuwa daga Najeriya a yanke, kowa kunnensa na kan waya. Shugaban hukumar ƙungiyar, Omar Alieu Touray, shi ya karanta sanarwar bayan taro. A cikinta an umarci hafsoshin tsaro su shirya rundunar ko-ta-kwana ba tare da ɓata lokaci ba, an kuma ba da umarnin tura rundunar don maido da tsarin mulki. Sannan wannan takardar dai ta jaddada cewa ƙungiyar na nan kan neman mafita ta hanyar lumana. Ba a faɗi rana ba, ba a faɗi yawan soja ba.

Ga yadda malalacin edita ke yanka irin wannan rahoto: sakin layi na farko ya zama saƙo na ɗaya, na biyu ya zama saƙo na biyu, haka har ƙarshe. Umarnin tura runduna ya faɗa a na ɗaya, maganar lumana ta faɗa a na huɗu. Wanda na ɗaya ya iske a Dan Isa zai kwana da tunanin gobe ne yaƙi. Wanda na huɗu kaɗai ya kai gare shi zai ce an fasa. Kowane saƙo, in ka duba kalmominsa, babu ƙarya ko ɗaya a ciki, amma mutum biyu sun tafi da labari biyu, kuma duka biyun ba shi ne abin da taron ya yanke ba. Ina jaddada wannan domin wasu na zaton ɓatarwa tana zuwa ne ta wajen tsoratarwa kawai. Wanda ya ɓoye umarnin tura runduna don kada ya tayar wa mutane da hankali, shi ma ya tauye masu abin da ya kamata su sani.

Saboda haka ba a yanka rahoto bisa sakin layi. Ana yanka shi bisa tambayoyin da yake amsawa, kuma duk abin da ke canza ma'anar wata magana dole ya hau mota ɗaya da ita. Tambayar farko a nan ita ce, me taron ya yanke? Da ni ne, ga abin da zan rubuta:

"Abuja, 10 ga Agusta 2023: shugabannin CEDEAO sun ba da umarnin a shirya rundunar ko-ta-kwana a kuma tura ta don maido da tsarin mulki a Nijar. Ba su faɗi rana ba, kuma sanarwar ta ce har yanzu suna neman mafita cikin lumana."

Mai cewa wuri ne ya yi masa kaɗan ya ƙidaya haruffan nan. Ba su kai 280 ɗin da X ke ba mai asusun kyauta ba, balle Facebook da WhatsApp da ba su matse kowa haka ba. Wuri bai hana ba. Abin da ke faruwa shi ne jimla ta biyu tana rage wa saƙon zafi, saƙo mai zafi kuma shi ake yawan turawa. Sai dai a fito a faɗi haka, a daina laɓewa bayan ƙarancin wuri.

Yanzu a dubi aikatau, domin a nan Hausa ke yi wa mai gaggawa tarko. "Sun ba da umarnin tura runduna", "za su tura runduna", "sun tura runduna": zance uku ne daban. Na farko shi ne abin da ya faru. Na biyu alkawari ne da ɗan jarida ya ɗauka a madadin wasu. Na uku ƙarya ce tsagwaronta, don har yau ba a tura rundunar ba. Mai neman gajartawa yakan ga "ba da umarnin" kamar ƙarin kaya ne, ya cire kalma uku, bai san ya mai da takarda motar yaƙi ba. Haka "ko-ta-kwana": in aka jefar da ita aka bar "runduna" kawai, mai karatu zai ɗauka sojoji ne a tsaye da takalmansu, alhali ƙasashe ne za su kawo gudummawa a haɗa.

Tarko na biyu ya fi wannan santsi, shi ne ƙaramar kalmar nan "an". A bakin Bahaushe "an ce", "an yanke", "an amince" suna da daɗin faɗa, ga su gajeru, amma suna haɗiye mai maganar. A ranar taron, bayan ya koma Abijan, shugaban Kwaddibuwa Alassane Ouattara ya shaida wa manema labarai cewa ƙasarsa za ta ba da bataliya mai soja 850 zuwa 1,100, ya kuma yi maganar a fara aikin da wuri. Rahoto mai kyau zai kawo sanarwar taro a sama, ya kawo kalaman Ouattara a ƙasa da sunansa. In aka yanka da "an", sai ka ga saƙo mai cewa an amince a tura soja 1,100 Nijar. Duba abin da ya lalace a layi guda: maganar shugaba ɗaya ta koma matsayar ƙungiya, gudummawar ƙasa ɗaya ta koma jimillar runduna, "850 zuwa 1,100" kuma ya koma babban adadin kaɗai, tun da shi ya fi cika baki. Saƙon da ya dace shi ne:

"Shugaban Kwaddibuwa Alassane Ouattara ya ce ƙasarsa za ta ba da soja 850 zuwa 1,100 ga rundunar CEDEAO kan Nijar. Adadin ƙasarsa ne kawai. Sanarwar taron 10 ga Agusta ba ta faɗi yawan rundunar ba."

Wani zai ce to a sa "wai" mana, ai ta nuna ba ni na faɗa ba. Ban yarda ba. "Wai" tana wanke mai rubutu ne kawai, ba ta gaya wa mai karatu ko shugaban ƙasa ne ya faɗa ko mai shayi. Kuma ita ce kalmar farko da ke faɗuwa idan saƙo ya shiga baki na biyu.

Za a lura na maimaita CEDEAO da Nijar da kwanan wata a saƙo na biyu, ban ce "ƙungiyar" ko "taron" kawai ba. A makarantar koyon aikin jarida an hore mu da gudun maimaici, kuma a dogon rahoto horon daidai ne. A jerin saƙonni kuwa wakilin suna maraya ne: "ya ce za su tura" in ya rabu da ƴan'uwansa, wa ya ce? Kwanan wata shi ma ba ado ba ne. Ranakun 17 da 18 ga Agusta hafsoshin tsaron suka yi taro a Akra, kwamishinan ƙungiyar Abdel-Fatau Musah ya ce an tsai da rana amma ba za a bayyana ta ba. Daga ranar, "ba su faɗi rana ba" ya zama zance mai buƙatar ƙarin bayani. Saƙon da ke ɗauke da "10 ga Agusta 2023" a goshinsa ya ci gaba da zama gaskiyar ranarsa. Wanda aka buɗe da "yanzu-yanzu" ko "da ɗumi-ɗumi" kuwa, duk ranar da wani ya tono shi sabo ne, ko bayan shekara.

Na san akwai hujja mai ƙarfi a ɗaya ɓangaren, ba zan yi kamar babu ba. Ba kowane sharaɗi ke shiga gajeren saƙo ba, kuma in aka ce sai an kwaso komai, an koma dogon rahoton da ake gudu. Gaskiya ne. Sanarwar ran nan ta yi magana kan takunkumi, ta yi Allah wadai da yadda ake tsare da Mohamed Bazoum da iyalinsa, kuma a ranar ce aka sanar da sabuwar gwamnati a Yamai ƙarƙashin Ali Mahaman Lamine Zeine. Duk waɗannan suna iya tsayawa a saƙonsu daban, domin rashinsu bai juya ma'anar saƙo na farko ba. Ma'aunin ke nan da nake amfani da shi: in na cire wannan jimla, mai karatu zai rage sani ne kawai, ko kuwa zai tafi da akasin abin da ya faru? In ragin sani ne, a cire. In akasi ne, jimlar ta zauna, ko da sai an fasa saƙon gaba ɗaya. Akwai rahoton da bai yankuwa gida bakwai, iyakarsa gida uku, kuma editan da ya nace sai bakwai yawan saƙo yake ƙidayawa.

Gwajin ba shi da wuya, minti biyu ne. Ka zaɓi saƙo ɗaya daga tsakiyar jerin, ka miƙa wa wanda bai karanta rahoton ba, direban tasha ko mai gadi ma sun fi, ka tambaye shi me ya faru, wa ya faɗa, yaushe. In a saƙon 10 ga Agusta ya ce maka an tura soja, ko ya ce an fasa, ka koma kan tebur. Idan kuma saƙo ya riga ya fita da kuskure, gyara a ƙarƙashinsa bai isa ba, tun da hoton da aka ɗauka ya tafi ba tare da shi ba. Sai a rubuta sabon saƙo cikakke da ya ambaci kuskuren da sunansa, a karanta shi a iska a shirin labarai na gaba, a kuma naɗi murya a tura ta hanyar da na farkon ya bi.