FILIN UWARGIDA: Tsamin Tumatir Shi Ne Mai Gadinsa

Daga watan Janairu zuwa Maris, lokacin da tumatirin noman rani na Kadawa da Kura da Danja yake cika kasuwanni tun daga Kano har kasuwar Mil 12 ta Ikko, kowace uwargida takan so ta sayi kwando guda ta ajiye, domin ta san idan damina ta kankama farashinsa zai yi tashin gwauron zabi. Amma wadda ba ta da firiza takan yi markaɗe da safe, kafin gari ya sake wayewa ta tarar ya yi kumfa ya kumbura, sai zubarwa. Maganin wannan asara yana nan, muddin an gane cewa tumatir da kayan yaji ba halinsu ɗaya ba, don haka ba a yi musu ajiya iri ɗaya.

Tumatir kusan duk jikinsa ruwa ne, fiye da kashi 90 cikin 100, ga kuma ruwan da mai injin markaɗe yake ƙarawa. Ruwa da zafin gari su ne abin da ƙwayoyin ruɓa suke nema. Abin da yake kare tumatir kuwa shi ne tsaminsa. Akwai wata muguwar ƙwayar cuta mai zama cikin ƙasa, wadda take haddasa ciwon da likitoci suke kira botulizim. Tafasar ruwa ba ta kashe irinta, kuma ta fi son wurin da babu iska, wato kamar cikin rufaffiyar kwalba ko ƙarƙashin mai. Abu guda da yake hana ta tsiro shi ne isasshen tsami. Tumatir yana da shi, ko da yake wani lokaci a kan gaɓa yake. Tattasai da attaruhu da albasa kuwa ba su da shi.

Daga nan ne kurakurai biyu suke fitowa. Na farko, al'adar jefa kanwa a markaɗe don a kashe tsami. A miyar da za a sha yau babu laifi, amma a abin da za a ajiye, korar mai gadi ce a bar ƙofa buɗe. Na biyu, haɗa tumatir da tattasai da attaruhu da albasa a markaɗa su tare a ɗura a kwalba, domin kayan yajin sukan rage ƙarfin tsamin. Tumatirin ajiya shi kaɗai ake markaɗa shi.

A ɗauki misalin uwargidar da ta sayi tumatir kilo 10. Da fari za ta zauna ta tsince shi, ta ware duk wanda ya fashe ko ya yi baƙin tabo domin miyar ranar, gama ruɓaɓɓen tumatir tsaminsa ya riga ya ragu. Ta wanke sauran, ta kai markaɗe da ruwanta mai tsabta daga gida, ta roƙi mai inji ya ɗauraye injin tukuna, kuma kada ya zuba ruwa sai ɗan abin da ba a rasa ba. Za ta samu markaɗe wajen lita 8.

Da dawowarta sai ta ɗora shi a wuta nan take, cikin tukunya mai faɗi, ba tare da murfi ba, tana juyawa kada ya kama. Za a bar shi yana tafasa har ya koma rabi, wato wajen lita 4, launinsa ya yi ja sosai, idan an ɗebo a ludayi ba ya tsiyayar da ruwa a gefe. Yayin da yake kan wuta, ta wanke kwalabe 8 masu faɗin baki, na rabin lita, masu murfin ƙarfe, ta dafa su. Kwalbar da bakinta ya ɓantare, da murfin da ya yi tsatsa ko ya lanƙwashe, ba su da amfani a wannan aiki, haka nan robar ruwan sha.

A kowace kwalba ta fara zuba ruwan lemun tsami cokali babba 1; idan kwalbar ta lita guda ce, cokali 2. Sa'an nan ta ɗura tumatirin da zafinsa cikin kwalba mai zafi, ta bar sarari kamar kaurin yatsa a sama, ta goge bakin, ta rufe. Ta shimfiɗa tsumma a gindin babbar tukunya don kada kwalaben su fashe, ta jera su a tsaye, ta zuba ruwan zafi har ya shanye kansu da yatsa biyu. Daga lokacin da ruwan ya tafasa sosai ake fara ƙidaya: minti 45 ga kwalbar rabin lita, minti 55 ga ta lita guda. Wannan lissafi ya wadatar har a gari mai tudu irin Jos, inda ruwa yake tafasa kafin ya kai zafin na bakin teku.

Bayan an tsame su, a bar su su huce da kansu har kwana guda. Sai a danna tsakiyar kowane murfi da yatsa. Idan ya lotsa ciki kuma ba ya motsi, ya kama, kuma kwalbar za ta yi watanni a wuri mai sanyi da duhu, nesa da murhu. Idan yana ƙas-ƙas, bai kama ba, sai a yi miya da shi a ranar. Kwalbar da aka buɗe kuwa ta koma ɗanyen kaya, shi ya sa ƙananan kwalabe suka fi, kowace ta tukunyar miya ɗaya.

Markaɗen tattasai da attaruhu ba ya bin wannan hanya. Nasa ajiyar ta kwanaki ce, ba ta watanni ba. A dafa shi ruwan ya ƙone, a soya da man gyaɗa da gishiri har ƙarar suyar ta lafa mai ya taso, sa'an nan a riƙa tafasa shi sosai safe da yamma, ana ɗiba da busasshen cokali, a cinye cikin kwana 2 ko 3. Man da ya rufe samansa yana rage fumfuna, amma ba ya hana waccan ƙwayar cuta. Mai son ajiyar wata da watanni ta bi hanyar kaka da kakanni: ta tsaga su ta shanya a iskar hunturu har su bushe ƙayau, ranar bukata ta jiƙa abin da take so ta markaɗa.

Kwalbar da murfinta ya kumbura, ko ta yi tsartuwa da aka buɗe, ko aka ga kumfa ko fumfuna ko wari ya canza, a zubar da ita inda yara da dabbobi ba za su kai ba, kada a ɗanɗana, kada kuma a kwashe saman a ci na ƙasa. Da yake dafin botulizim ba kullum yake da wari ba, ko lafiyayyar kwalba ce a bar miyar ta tafasa aƙalla minti 10, domin tafasa tana karya dafin. Wanda ya fara ganin abu bibbiyu, ko fatar idonsa ta yi nauyi, ko haɗiya ta gagare shi bayan cin abincin kwalba, a garzaya da shi asibiti ba tare da jinkiri ba. Asarar kwalba guda ta fi jinyar gida guda sauƙi.