Tsohon ɗan sanda ya fi ƙarfin bakin ƙofa

Da zarar ɗan sanda ya yi ritaya, aikin da ake fara kai masa shi ne gadi. Ni dai ina ganin asara ce. Tsayuwar dare aikin saurayi ne, kuma ranar da mutum ya ajiye kaki ya ajiye bindiga da ikon kama mutane. Abin da ya biyo shi gida shi ne iya sauraron mutum biyu masu gardama, da rubuta abin da kowa ya faɗa ba ragi ba ƙari.

Sai dai ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Wanda ya shekara yana ba motoci hannu, tasha ko makarantar koyon tuƙi ta fi dacewa da shi. Wanda kuwa ya zauna a kwamisariya yana karɓar ƙara, yana cika rajista, shi nake wa sha'awar aikin sirbeyan, mai kula da ladabin ɗalibai, a makarantun kuɗi na Maraɗi ko Damagaram, inda mai makaranta ke ɗaukar ma'aikatansa da kansa.

A ce salula ta ɓace a aji lokacin shan iska. Mu malamai mun saba tsare ajin duka muna faɗa, har yara su haɗa baki. Shi kuwa zai fara tambayar mai wayar yaushe ta gan ta ƙarshe, wa ya san tana cikin jaka. Sai ya kira waɗanda suka rage a aji ɗaya bayan ɗaya, kada su ji juna. Ba zai ce «kai ka ɗauka?» ba, zai ce «faɗa mini inda kake tun da aka kaɗa ƙararrawa.» Ya rubuta, ya gwada maganganun, ya ga inda suka saɓa. Idan uba ya zo da fushi, ga takarda mai kwanan wata da sa'a.

Haɗarin ma daga wannan sabon yake. Yaro mai shekara 13, in aka kulle shi a ofis aka ambaci gidan kaso, zai amsa laifin da bai yi ba. Ga zare bel, ga binciken jakar ƴan mata ba tare da malama a wurin ba.

Saboda haka kafin darakta ya ɗauke shi, ya ba shi wannan labarin salula ya ji me zai fara yi. In ya fara da «a kawo mini su duka», a sallame shi da mutunci. In ya fara da tambayoyi, a miƙa masa biro ya rubuta rahoton shafi ɗaya da Faransanci, a kuma shaida masa a rubuce cewa hukunci na darakta ne, kuma ba a tuhumar yaro da sata sai an kira iyayensa.